Dirofshifin a Saudiyya: tambayoyi da amsoshi kan riba da jinkirin kaya

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda da Madina suke yawan yi a kan dirofshifin, musamman matasa da matan aure masu neman sana'ar da za a yi daga ɗaki. Kuɗaɗen da ke cikin lissafin da ke tafe misali ne na gina don a ga yadda abin yake tafiya, kowa ya sa nasa farashin a gurbinsu. Dokoki da haraji kuwa na ƙasar ne kamar yadda suke.

Wai mene ne dirofshifin ɗin, kuma ta yaya kaya ke isa hannun mai saye?

Sayar da kayan da ba ka ajiye ba ne, ba ka kuma taɓa su da hannunka ba. Kana buɗe shago a intanet, a Salla ko Zid ko Shopify, ka ɗora hoton kaya da farashinka. Mai saye ya gani a tallan Snapchat ko TikTok ko Instagram, ya shiga ya biya ka. Sai kai kuma ka je wurin mai kayan na asali, galibi a AliExpress ko CJdropshipping, ka saya a farashinsa, ka rubuta suna da adireshin wanda ya saya a wurinka. Mai kaya ya naɗe ya tura masa kai tsaye. Abin da ya rage tsakanin farashin biyu, bayan an cire ɗawainiya, shi ne naka.

Wanda ya san Kantin Kwari ya san 'yan kayi-nayi, masu tare baƙo su karɓo masa atamfa daga shagon wani su ɗora nasu. To, kusan haka ne, sai dai ɗan kayi-nayi yana ganin atamfar da idonsa, kuma shagon yana nan bayan layi. Kai shagon da kake ɗauko kaya yana Yiwu ko Shenzhen a ƙasar Sin, kuma idan kaya suka zo a karye ko suka ƙi zuwa, mai saye bai san wani ɗan Sin ba. Sunanka ya gani, kai ya biya, kai zai nema.

An ce ba a buƙatar jari. Gaskiya ne?

Ba ka buƙatar kuɗin cika sito da kaya, wannan gaskiya ne. Amma talla kuɗi ce, kuma ana biyanta ne kafin a sayar da ko ƙwaya ɗaya. Akwai kuɗin wata na shagon. Sannan kuɗin da mai saye ya biya da katin mada ko Apple Pay ba ya faɗowa asusunka a take, kamfanin da ke karɓar kuɗin yana riƙe shi wasu kwanaki kafin ya sako maka, alhali mai kaya ba zai ɗaga kwali ba sai ka biya shi yau. Idan oda 20 suka shigo a rana ɗaya, kowanne kuɗin sayensa riyal 45, kana buƙatar riyal 900 a hannu a ranar. Wanda ba shi da su sai ya jira a sako masa kuɗi, kuma wannan jiran ya hau kan kwanakin da mai saye yake ƙirgawa.

Na ga kaya a dala 12, ana sayar da shi riyal 99 a nan. Ina ƙarancin ribar yake?

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa, don haka bari mu zauna a kansa. Mu ɗauki kaskon turaren wuta mai caji, irin ƙaramin nan da mata ke sawa a jaka ko a mota. Mai kaya ya ce dala 12 har da kuɗin turowa. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, wato riyal 45 ke nan. Ka sa masa riyal 99 a shagonka. Ido zai ce maka ribar riyal 54 ce.

Yanzu a fara cirewa. Kayan da ke shigowa ƙasar ana ɗora musu harajin ƙarin ƙima na kashi 15 cikin ɗari, wanda yake a haka tun watan Yulin 2020. A kan riyal 45, kusan riyal 7 ne. Ko dai a caje ka lokacin da kake saye, ko a nemi mai karɓa ya biya a bakin ƙofa, kuma na biyun ya fi muni, domin mutumin da ya riga ya biya 99 ba zai yarda mandub, wato mai kawo kaya ƙofa, ya ce masa ya ƙara ba. Kamfanin karɓar kuɗi zai yanki nasa, mu ce riyal 3, kuma idan mai saye ya zaɓi biya kashi-kashi ta Tabby ko Tamara, yankan ya fi haka. Kuɗin wata na shago da 'yan manhajojin da ka haɗa masa, idan aka raba su a kan oda, mu ce riyal 3.

Sai babban mai ci, wato talla. Ba kuɗin da ka kashe a rana za ka duba ba, ka duba nawa ka kashe kafin mutum ɗaya ya saya. Idan ka zuba riyal 300 aka yi oda 10, kowane mai saye ya ci maka riyal 30. Haɗa su: 45 da 7 da 3 da 3 da 30, riyal 88. Abin da ya rage daga 99 riyal 11 ne. Ribar da ido ya ga 54 ta koma 11, kuma wannan idan komai ya tafi daidai ne, ba wanda ya fasa, ba kwalin da ya ɓace, ba kaskon da ya ƙi kamawa.

Ka lura da wani abu kuma. Idan tallan ta ɗan yi tsada, riyal 300 ɗin suka kawo oda 7 maimakon 10, kowane mai saye ya koma kusan riyal 43, ribar ta tafi gaba ɗaya har da ɗan cizo a uwar kuɗi. Talla kuwa gwanjo ce, tana tashi a lokutan da kowa ke son a gan shi, kamar gab da azumi da ƙarshen Nuwamba.

To me zai hana in ƙara farashi?

Wayar da ke hannun mai saye ce za ta hana ka. Hoton da ka ɗora, shi wasu masu shago suka ɗora, domin wuri ɗaya kuka kwaso shi. Mai saye zai buɗe noon ko Amazon.sa ya ga irinsa, wanda zai zo masa gobe ko jibi. Zai buɗe Temu ko AliExpress ɗin da kansa ya ga farashin da kai ka saya. Kayan da kowa zai iya ɗorawa cikin minti goma ba su da katanga, duk wanda ya ga kana sayarwa zai shigo ya rage riyal biyar. Wannan shi ne asalin dalilin da ribar ba ta yin kauri: ba ka mallaki kayan ba, ba ka mallaki masu sayen ba, kullum sai ka sake sayen hankalinsu da talla.

Mai kaya ya rubuta kwana 7 zuwa 15. Me ya sa ake cewa kada in yarda?

Domin sau da yawa wannan adadin na tafiya ne kawai, daga ranar da kwali ya bar hannunsa. Kafin nan akwai kwanakin haɗa kaya, kuma wanda kake kira mai kaya ma yana iya zama dillali ne da sai ya ga odarka zai je ya sayo. Daga nan kwalin ya tafi siton tattara kaya, ya jira gurbi a jirgi, ya sauka a Riyad ko Jidda ko Dammam, ya bi ta kwastan na hukumar ZATCA, sannan a miƙa shi ga kamfanin raba kaya na cikin gida kamar SMSA ko Aramex ko SPL. Kowane mataki yana iya cin kwana biyu ko uku ba tare da wani ya yi laifi ba.

Kaskon misalinmu yana da nasa ƙarin matsalar, domin akwai batirin lithium a cikinsa. Kaya masu batir, da masu ruwa-ruwa kamar turare da man shafawa, ba kowane layin jirgi ke ɗaukarsu ba, sai a bi da su ta layi na musamman wanda ya fi tsada ko ya fi jinkiri. Kayan kwalliya da na ci kuma suna ƙarƙashin hukumar abinci da magunguna ta SFDA, ana iya tsayar da su. Idan kayan na jonawa a bango ne, ka tabbatar kan fulogin mai ƙafa uku ne irin na nan.

Sai kalandar Sin, wadda ya kamata kowane mai wannan sana'a ya liƙa a bango. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu suna rufewa, ma'aikata su tafi garuruwansu, aiki ba ya dawowa daidai sai bayan makonni. Akwai hutun mako guda a farkon Oktoba, akwai cunkoson ranar 11 ga Nuwamba. A 2026 sabuwar shekarar Sin ta faɗo 17 ga Fabrairu, daf da kamawar azumi. Wato lokacin da kasuwar kasko da fitilun Ramadan da kayan kicin take tashi a nan, lokacin ne masu kayan suka kulle ƙofa a can. Kayan azumin da suka iso bayan salla, ko kayan sallar yara da suka iso bayan an sauko daga idi, ba wanda zai karɓa.

Idan kaya suka makara, me doka ta ce?

Dokar kasuwancin intanet ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2019, ta ba mai saye damar fasa ciniki ya karɓi kuɗinsa idan aka jinkirta kawo masa kaya fiye da kwana 15 daga ranar ƙulla cinikin, ko daga ranar da aka yi alkawari. Ta kuma ɗora wa mai sayarwa sanar da shi idan ana sa ran jinkiri. Ban da wannan, yana da kwana 7 bayan karɓar kaya da zai iya mayarwa matuƙar bai yi amfani da su ba, sai wasu nau'o'in kaya da dokar ta keɓe. Ƙorafi kuwa Ma'aikatar Kasuwanci ake kai wa, kuma a kan shagonka za a kai.

Mu koma lissafinmu mu ga abin da wannan yake yi. Oda 100, kowanne ka kashe masa riyal 88, jimla 8,800. Idan duka suka isa, ka karɓi 9,900, riba 1,100. Yanzu a ce mutum 10 sun gaji da jira sun fasa. Ka mayar musu da 99 ɗinsu, amma kuɗin talla ya tafi, kuɗin mai kaya ya tafi, domin kwalin yana hanya kuma mayar da kasko ɗaya zuwa Sin ya fi kuɗin kaskon. Abin da ya rage a hannunka 90 sau 99, wato 8,910. Cire 8,800, saura riyal 110. Aikin oda ɗari, da amsa saƙonni dare da rana, ya tashi a riyal 110. Idan masu fasawa suka kai 12, ka shiga asara.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe daga shafin nan: a wannan misali, oda ɗaya da aka fasa tana cinye ribar oda takwas. Saboda haka ba yawan odar da ta shigo ake kallo ba, a kalli nawa ne suka isa, aka karɓa, kwana bakwai suka wuce ba a dawo da su ba. Lambar cinikin da masu tallata wannan sana'a ke nuna muku a bidiyo, ta odar da ta shigo ce.

Yaya, mutanenmu sun fi son biya a bakin ƙofa. In buɗe musu?

Ƙanwata, da kayan da za su taso daga Sin, kada ki buɗe. Wadda ta danna saye da daddare ba ta biya ko halala ba, bayan mako uku ta manta, ko ta saya a wani wuri, ko mandub ya kira ba ta ɗauka ba. Ke kin riga kin biya kaya da talla da haraji, ga kuɗin dawo da kwali. Biya a ƙofa yana yiwuwa ne idan kayan suna cikin ƙasa, za su isa cikin kwana biyu ko uku, kuma kin tabbatar da odar ta WhatsApp kafin ki tura. Ki nemi adireshin ƙasa na mai saye, gajeren nan mai harafi huɗu da lamba huɗu, domin kwatancen "bayan masallaci, kusa da bakala" yana ɓatar da kwanaki a unguwannin da ke kan dutse.

Zan iya sayar wa alhazai da masu Umra?

Da kayan da ke hannunka, ƙwarai. Da kayan da za a turo daga waje, a'a. Mai Umra kwanakinsa ƙidayayyu ne, yau yana Makka, jibi Madina, otal ɗinsa ma yana iya canjawa. Idan kwali ya iso bayan jirginsa ya tashi, kai ne da biyan wanda zai kai masa Kano ko Yamai, ko ka mayar da kuɗi. Kuma baƙon Allah da ya amince maka saboda harshe ɗaya kuke yi, bai kamata a riƙe masa guzurinsa a kan kayan da ba a san ranar zuwansu ba.

Ta yaya zan gane mai kaya zai ba ni matsala tun kafin in fara talla?

Ka sayi ɗaya ka turo wa kanka, zuwa adireshinka na nan, ta irin layin da za ka yi wa masu saye amfani da shi. Ka rubuta ranar da ka biya, ranar da aka ba ka lambar bibiya, ranar da lambar ta fara motsi, da ranar da kwali ya shigo hannunka. Tazarar da ta fi faɗin gaskiya ita ce tsakanin ba da lamba da motsin farko. Wasu masu kaya suna fitar da lamba da wuri don a ga kamar sun tura, alhali kwalin bai bar wurinsu ba. Idan ka sa lambar a shafin bibiyar kaya na 17TRACK ka ga kwana huɗu ko biyar ba a nuna kamfanin jigila ya karɓi kwali ba, mai yiwuwa kayan ba sa hannunsa.

Ka tambaye shi kai tsaye: guda nawa kake da su a sito yanzu, wane layi kake turo masu batir zuwa Saudiyya, wace rana za ku rufe don hutu, kuma idan kwali ya ɓace wa zai ɗauki asara? Wanda yake amsa komai da "ba matsala" bai amsa komai ba. Idan samfurin ya zo, ka yi amfani da shi mako guda, ka ɗauki hotonka da bidiyonka. Sannan a shagonka ka rubuta kwanakin da ka gani da idonka har da ƙari, a wurin da mai saye zai gani kafin ya biya. Wasu za su fasa saye saboda haka, amma wanda ya fasa kafin ya biya bai ci maka riyal 88 ba.

Malam, ya halatta kuwa? Ai an hana sayar da abin da ba ka mallaka ba.

Tambayar tana kan hanya. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Malaman da suka duba wannan sana'a sukan ambaci mafita biyu. Ta farko wakilci: ka zama wakilin mai kaya da saninsa, kana sayar masa a kan la'ada, ko wakilin mai saye da ya san za ka sayo masa ne a kan lada sananne. Ta biyu cinikin salam: ka ɗauki nauyin kawo kaya masu siffa bayyananniya a wa'adi sananne, mai saye kuma ya biya kuɗin duka tun a farko. Malamai sun yi magana kuma a kan ko dole kayan su fara shiga hannunka ko na wakilinka kafin su wuce, don haka ka kai ainihin tsarin shagonka gaban malamin da ka amince da shi. Ka lura dai cewa salam yana neman wa'adi sananne da biya a gaba, wato biya a ƙofa bai shiga cikinsa ba, haka ma "zai zo in sha Allahu nan ba da jimawa ba". Zinare da azurfa suna da nasu hukuncin na hannu da hannu.

Ina da igama, ba ni da sijillin kasuwanci. In yi da sunan wani ɗan ƙasa?

A'a. Wannan shi ake kira tasattur, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, yana hawa kan baƙon da wanda ya ba da sunansa. Shagon intanet kasuwanci ne a idon hukuma kamar shagon bakin titi. Kamfanonin karɓar kuɗi suna neman sijilli ko takardar sana'a da asusun banki mai sunan mai shago, kuma baƙo yana buƙatar rajistar zuba jari kafin ya yi kasuwanci da sunansa. Igamar aiki ba ta ba ka wannan. Wannan tambayar ce ya kamata a fara warwarewa kafin a kashe riyal ɗaya a talla. Ga wanda takardunsa suka cika, ya sani kuma cewa rajistar harajin ƙarin ƙima tana zama dole idan cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, kuma ciniki ake dubawa, ba riba ba.

Idan haka ne, akwai hanyar da ta fi?

Ga wanda doka ta ba shi dama, abin da nake ba da shawara shi ne a yi amfani da dirofshifin don gwaji kawai. Ka gwada kaya da 'yan oda kaɗan, da kwanakin gaskiya a rubuce. Idan ka ga ana so, ka nemi irinsa a wurin 'yan sari na Balad a Jidda ko Batha a Riyad, ko mai kayan da ke da sito a cikin ƙasar, ko ka yi odar katan guda ka ajiye.

Kada ka zaci ribar kowane ɗaya za ta ƙaru, tana iya raguwa ma. A ce ka sami kaskon a sari riyal 35, kamfanin raba kaya ya caje ka 22, jimla 57 maimakon 52 na da, wato 45 da harajin 7. Kuɗin kowace oda ya zama 93, riba 6 kacal. Amma kaya suna isa cikin kwana uku, don haka a ce mutum 2 ne suka fasa cikin 100. Ka karɓi 9,702, ka kashe 9,300, saura 402, ga kasko biyu sun dawo hannunka za ka sake sayarwa. Kwatanta da 110 na ɗazu. Sannan wadda kayanta suka zo da wuri tana iya dawowa ta sayi turaren da za ta sa a kaskon, kuma wannan cinikin na biyu ba ka biya masa riyal 30 na talla ba. Haɗarin wannan hanyar shi ne kwantai: katan 50 a riyal 35 jari ne na 1,750 da zai iya kwanciya a ɗaki idan kasuwar ta juya. Don haka katan na farko kada ya wuce abin da gwajinka ya nuna za ka iya sayarwa cikin wata guda, kuma idan kayan azumi ne, odar ta fita tun Rajab.